Mintin Malam Almu a Fakku

Malam Almu na Sanyinna ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare. Ya yi ritaya da gona ɗaya, da babur mai tari, da agogon hannu mai allurar daƙiƙa. Abu na huɗu da ya rage masa shi ne makirufo. Shekara goma sha tara, duk taron da Ƙungiyar Sulhun Manoma da Makiyaya ta kira a ƙasar Tambuwal da Kebbe, shi ne mai gabatarwa. Ba a biyansa, kuma ba ya cikin masu zama a kujerun gaba. Amma ranar taro yakan sa farar riga tun da asuba, matarsa Saudatu kuma ta san ranar ba a aikensa kasuwa.

Abin da aka san shi da shi, kuma abin da aka fi jin haushinsa a kai, shi ne ba ya wuce minti ɗaya wajen gabatar da baƙo mai jawabi. Ko likitan dabbobi ne, ko malamin gona, ko mai digiri uku daga Sakkwato, minti ɗaya ne. Yakan cire agogon ya riƙe a hannun hagu inda kowa ke gani, abin da wasu baƙin suke ɗauka a matsayin cin fuska, kuma ba su yi kuskure ƙwarai ba.

Ba haka ya fara ba. Yana saurayin malami a Tambuwal, an taɓa ba shi gabatar da wani jami'in ilmi a ranar raba kyaututtuka. Ya kwana uku yana shiri. Ya faro daga garin da aka haifi jami'in, ya bi makarantunsa ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kwasa-kwasan da ya halarta, sannan, don nuna ya fahimci batun, ya yi bayanin muhimmancin sa yara makaranta, wanda shi ne jawabin da mutumin ya zo yi. Minti ashirin da biyar. Jami'in ya miƙe, ya ce malam ya riga ya faɗi duk abin da ya kawo shi, ya yi godiya, ya zauna. Wata biyu bayan haka aka mayar da Malam Almu wata makaranta a dajin Kebbe, inda babu baƙon da ke zuwa balle a gabatar da shi. Ya yi shekara shida a can, ya samu lokacin tunani.

Abin da ya fito da shi daga dajin ba shi da yawa. Kafin taro sai ya je ya ga baƙon da kansa, ya yi masa tambaya uku: me za ka gaya musu, me ya sa kai ne za ka gaya musu, kuma yaya kake so a kira sunanka. Daga amsoshin yake tsamo abu guda game da mutumin, wanda zai sa mai sauraro ya ɗago kai. Idan abin ya shafi sirrin baƙon, sai ya nemi izininsa. A gaban jama'a kuma yakan fara da abin da ya dame su, ya nuna dalilin da ya sa wannan mutumin ya cancanci a ji shi a kan batun, ya ajiye sunan sai a ƙarshe, ya miƙa makirufo, ya bar wurin. Ba ya taɓa jawabin baƙo, ba ya kuma cewa za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba, domin a cewarsa wannan alkawari ne da bakin wani. Duk wannan yakan gwada shi a gida, a bayan rumbu, da agogo, awakin Saudatu suna kallo.

Shekara biyu da suka wuce ƙungiyar ta yi sabon shugaba, Alhaji Bilyaminu, dillalin hatsi a Tambuwal. A wannan shekarar aka naɗa shi sarautar Garkuwan Noma, wadda ba a taɓa jin ta ba kafin shi, kuma ya ɗauki nauyin tabbatar da cewa an ji ta. Yana da ƙanen mata, Mannir, magidanci mai murya kamar ta rediyo, wanda ke iya gaida manyan baƙi ashirin da sarautunsu da na iyayensu ba tare da ya haɗiye yawu ba. An gwada Mannir sau ɗaya a Dogon Daji, ranar da Malam Almu ke fama da zazzaɓi. Kafin ya gama gaisuwa makiyaya sun tashi sun tafi shayar da dabbobi, likitan da aka gayyato ya yi wa kujeru bayanin allurar ciwon huhu. A rahoton ƙungiya an rubuta cewa taron ya ƙayatar.

Da bazarar bana aka sa taro a Fakku, ta ƙasar Kebbe. Za a shata burtali, wato hanyar shanu da ta ratsa tsakanin gonaki zuwa mashaya, a kafa turakun siminti kafin ruwa ya sauka. Manoman Fakku sun ji cewa za a cinye musu gonaki. Makiyaya sun ji cewa za a matse su a cikin siririn layi, duk saniyar da ta taka waje laifin nasu ne. Kowane ɓangare ya tabbata an sayi mai awon, sun dai saɓa a kan wanda ya saye shi. Wanda zai yi jawabin shi ne mai awon da kansa, Rufa'i safiyo, ɗan Dogon Daji.

Alhaji Bilyaminu ya kira Malam Almu rumfarsa ta kasuwar hatsi. Bai ce ya zauna ba, Malam Almu ya zauna a kan buhu.

"Malam, taron Fakku naka ne," in ji Alhaji. "Ka san wa za ka gabatar?"

"Na sani."

"Ashe kun san juna."

Duk kasuwar ta san sun san juna. Malam Almu ne ya koya wa Rufa'i lissafi a aji biyar. Shekara uku da suka wuce, da aka shata burtalin Sanyinna, Rufa'i ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya rubuta, ya cire wa tsohon malaminsa kuyya goma sha ɗaya ta gero, wato layin shuka goma sha ɗaya, daga gefen gabas, ya kafa turke. Tun ranar ba su gaisa ba. In sun haɗu a jana'iza kowa ya san sahun da zai tsaya.

Alhaji ya zaro takarda daga aljihu. Sunaye ne ashirin da uku, kowanne da sarautarsa. Nasa ne na farko, ya ci layi uku.

"Wagga takarda za ka karanta kafin ka kira safiyo. Duka. Shekara biyu kana ce mini shugaba, shugaba, awa shugaban 'yan acaɓa."

"Alhaji, gaisuwar manya wurin buɗe taro aka yin ta. In kana zaune lokacin buɗewa, ni da bakina zan karanta ta, har da layinka uku. Gabatar da baƙo kuma na baƙo ne."

"Ni za ka koya wa taro?"

"Na koya wa waɗanda sunka fi ka wuyar koyo."

Mannir, wanda ke tsaye a bayan kujera yana latsa waya, ya yi dariya, sannan ya tuna a ɓangaren da yake, ya mayar da ita tari.

Alhaji ya ce, "To ji nan. In ba a kira sunana yadda ya kamata ba a Fakku, ka aje makirufo. In kuma mutane sunka watse ba su ji safiyo ba, ka aje makirufo. Kwamiti ya riga ya yarda."

Kwamitin mutum biyar ne, uku daga cikinsu a rumfar Alhaji suke ajiye hatsi. Malam Almu ya ninke takardar ya sa a hula.

Saudatu ta ba shi shawara a taƙaice: ya karanta sunayen, ya kira Rufa'i, in an jefe shi da takalma ruwansa. "Mutumin da ya yanke maka gona, kai za ka gyara mishi hanya?" Malam Almu ya ce ba hanyar Rufa'i ba ce. In mutanen Fakku ba su ji inda layin ya bi ba, za a kafa turakun duk da haka, kuma da kaka za a yi bayanin da sanduna. Ta ce wannan ma ba gonarta ba ce. Ya hau babur ya tafi Tambuwal, domin a shekara goma sha tara bai taɓa gabatar da wanda bai je ya gani ba, kuma ba zai fara a kan Rufa'i ba don kada Rufa'i ya ɗauka yana da muhimmanci.

Ya same shi a ofis, ɗaki mai fanka da ba ta juyawa da taswirori a naɗe. Rufa'i ya miƙe rabin miƙewa.

"Malam."

"Safiyo. Zauna, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Mi za ka gaya musu a Fakku?"

Rufa'i ya buɗe durowa ya miƙo takarda shafi huɗu a manne. Tarihinsa ne: difloma, babbar difloma, kwas a Kaduna, kwas a Oyo, ƙungiyoyin da yake mamba.

"Wannan ka kai wa mai ɗaukar aiki," in ji Malam Almu. Bai karɓa ba. "Ardo Bube na makiyayan Fakku bai damu da Oyo ba. Mi za ka gaya musu?"

"Inda layin ya bi. Faɗinsa. Gonakin da ya taɓa, da abin da doka ta ce in shanu sun fita waje, da abin da ta ce in manomi ya shuka a ciki."

"Sunayen masu gonakin suna wurinka?"

"Suna cikin jaka."

Malam Almu ya rubuta kalma ɗaya a tafin hannunsa. "Mi ya sa za su yarda da kai?"

"Don aikina ne."

"Ɓarawon shanu ma aikinai ne. Manoma sun ce makiyaya sun ba ka bijimi. Makiyaya sun ce kai ɗan manoma ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Wa ka taɓa ɗaga wa ƙafa?"

"Ba kowa."

"Kowa haka shika cewa."

"Kai na ɗaga maka?"

"Ni malaminka ne kawai, ba ni da amfani gare ka. Naka fa? Layin Dogon Daji bai bi ta gonakin gidanku ba?"

Rufa'i ya gyara biro a kan tebur. Da ya yi magana, bai ɗago ba. Layin ya bi ta gonar kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana aji uku bayan rasuwar mahaifinsa. Kuyya goma sha tara. Kawun ya zo har ofis ɗin nan ya tsaya inda Malam Almu ke zaune, ya roƙe shi ya karkata layin taki biyar. Bai karkata ba. Bara da aka yi sunan ɗiyar Rufa'i kawun bai zo ba, ya kuma hana matansa zuwa.

"Sha tara," in ji Malam Almu. A fuskarsa an ga alamar mutumin da ya ji labari mai daɗi yana ƙoƙarin ɓoyewa. "Zan faɗi wannan."

"Ba za ka faɗa ba. Maganar gida ce."

"To ba zan faɗa ba. Sai in karanta musu Oyo, ka ga ko za ta tare maka takalmi."

"Malam, kana jin daɗin wannan abin."

"Ƙwarai."

Rufa'i ya daɗe yana kallon fankar. "Kar ka kira sunansa. Kuma ban da maganar sunan ɗiyata."

"Kawu kawai, da lamba. Zan kuma faɗi tawa."

"Taka wace?"

"Sha ɗaya. Ko ka manta? Yaya kake son a kira ka?"

"Sabeya Rufa'i Shaihu, mamba na..."

"Mutanen Fakku ba su san Turancin sabeya ba, safiyo sunka sani. Rufa'i Shaihu Dogon Daji, safiyo. Ya yi?"

"Ya yi."

Malam Almu bai yi sallama ba da zai fita, Rufa'i kuma bai raka shi ba.

Ranar taron, an kafa rumfa biyu a filin makarantar Fakku. Manoma sun zauna a gabas a kan tabarmi, makiyaya sun tsaya a yamma a jingine da sandunansu, tsakaninsu fili wanda ya isa burtali. An sa ƙarfe goma. Hakimin yankin ya aiko wakili, limami ya zo, Ardo Bube, shugaban makiyayan wajen, dattijo mai jan gemu da rawani shuɗi, ya zo tun kafin a gama jera kujeru. Kujerar tsakiya, mai hannu da matashi, babu kowa a kanta. Alhaji Bilyaminu yana da ra'ayin cewa babban mutum ba ya riga jama'a zuwa, kuma yana auna girmansa da tsawon jiran da aka yi masa.

Sha ɗaya ta yi, sha ɗaya da rabi ta wuce. Rana ta hau tsakiyar kai. Ardo Bube ya tako har gaban tebur.

"Malam, shanunmu ba su san Garkuwa ba. Kafin azahar suna bakin ruwa. In ba ku da magana mu tafi."

Malam Almu ya duba wakilin hakimi, wakilin ya duba kujerar da babu kowa, sannan ya ɗaga kai. Aka buɗe da addu'a. Malam Almu ya ciro takardar daga hula, ya gaida waɗanda ke wurin cikin masu suna a kanta, su tara ne, kowa da sarautarsa daidai. Wakili ya yi 'yar maraba. Saura gabatar da safiyo.

Tun kafin a kira shi an fara. Wani daga gabas ya ce a tambaye shi nawa ne kuɗin bijimi bana. Wani daga yamma ya amsa da Fulatanci, 'yan uwansa suka yi dariyar da ba ta da daɗi. Rufa'i yana zaune da jakarsa a kan cinya, ya rungume ta da hannu biyu. A bayan 'yan yamma, wasu sun riga sun juya sun nufi inda suka ɗaure babura.

Malam Almu ya cire agogo, ya ɗauki makirufo. Daidai nan motar Alhaji ta shigo filin da ham, wata na bin ta. Sha biyu da minti ashirin. Ya fito cikin rawani da alkyabba, mutum goma sha uku na takardar suna biye, Mannir a gaba yana buɗe hanyar da take a buɗe. Aka ɗauki lokaci ana musayar kujeru, domin wanda ya zo a makare ya fi kowa sanin inda ya kamata ya zauna. Mannir ya matso ya raɗa wa Malam Almu, da ƙarfin da rumfa duka ta ji.

"Alhaji yac ce a sake daga farko. Da takarda."

Malam Almu ya san lissafin, domin ya gwada a bayan rumbu: sunaye ashirin da uku da sarautunsu, da dakatawar da ake yi bayan kowanne don mai suna ya ɗaga hannu, minti tara ne in ba a yi tafi ba. Ya dubi yamma. Ardo Bube ya riga ya saɓa sandarsa a kafaɗa. Ya dubi Alhaji, wanda ya gyara zama ya lumshe ido kamar mai jiran a zuba masa ruwan wanka. Ya dubi Rufa'i, abin da bai ƙara masa sha'awar komai ba. Sai ya mayar da takardar cikin hula, ya ɗaga agogon.

"Shugaba da 'yan rakiya, barkanku da isowa. Jama'ar Fakku, kafin ruwan bana shi sauka za a kafa turaku daga nan har mashaya. Cikin ku da ke zaune akwai waɗanda za su rasa kuyyoyi. Cikin ku da ke tsaye akwai waɗanda za a canza wa hanya. Sunayen suna cikin jakar can. Mai jakar, ni na koya mishi lissafi, da shi ya auna gonata a Sanyinna ya cire mini kuyya sha ɗaya. Ba ni ƙaunarsa, kuma ya sani. Na bincika in gano wanda ya taɓa ɗaga wa ƙafa, don in tona shi a gabanku. Abin da na samu, ya cire wa kawun da ya raine shi kuyya sha tara. In za ku yi faɗa da shi, ku fara jin inda layin ya bi. Ga Rufa'i Shaihu Dogon Daji, safiyo."

Daƙiƙa hamsin da biyu. Ya miƙa makirufon ba tare da ya kalli wanda yake miƙa wa ba, ya koma bencin malamai a gefe.

Ba wanda ya tafa. Wani tsoho a gabas ya ce, "Kawunai?" na kusa da shi ya ce haka aka ce. Ardo Bube ya sauke sandar, ya yi wa na wajen babura magana biyu, suka dawo suna jan ƙafa. Idon kowa yana kan jakar. Rufa'i ya buɗe ta, ya warware taswirar, ya sa mutum biyu suka riƙe, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, domin babu ɓangaren da ya yarda ɗayan ya riƙe shi kaɗai.

Ya yi minti arba'in yana magana, kuma ba gwanin magana ba ne. Yana cewa mita inda ya kamata ya ce taki, sai an tsayar da shi. Da ya fara karanta sunayen masu gonaki aka yi ta zaginsa, amma bi da bi, kowa yana jiran a kai ga nasa. Wani manomi mai suna Na'iya ya ce layin ya bi ta kan rijiyar da kakansa ya haƙa, Rufa'i ya duba ya ce rijiyar ba ta cikin taswira, zai je ya gani da idonsa ranar Talata. Ardo Bube ya ce faɗin da aka ba su a kwanar tsamiya ko awaki ba zai isa ba, suka yi ta ja har aka yarda a je a auna a gabansa. Makiyaya suka tura matasansu da shanu, manyan suka tsaya har aka kira azahar. Ba a rabu ana son juna ba. An dai rabu kowa ya san inda turke zai tsaya da ranar da za a sake faɗa.

Alhaji Bilyaminu bai jira ƙarshe ba. Da zai shiga mota ya aika a kira Malam Almu.

"Shugaba da 'yan rakiya," in ji shi. "'Yan rakiya. Akwai mai sarauta huɗu cikinsu."

"Alhaji, ƙarfe goma anka sa. Da anka buɗe taro na karanta wa waɗanda sunka zo."

"Ka tsaya gaban jama'a kana ba da labarin gonarka, awa taron gidanku ne."

"Mutane sun watse?"

"Sharaɗi biyu na ba ka."

"Na ji su. Ba su shiga minti ɗaya tare, sai na ɗauki wanda ya shiga."

"To ka ɗauki na ƙarshe ke nan."

Takardar ta iso Sanyinna bayan kwana shida. Shafi biyu ce, shafin farko duk sunan shugaba ne da na 'yan kwamiti da sarautunsu. A shafi na biyu an gode wa Malam Almu bisa doguwar hidima, an kuma ba shi damar hutawa saboda shekaru. An nemi ya mayar da makirufon ƙungiya da batirinsa. Ya mayar, ya karɓi sa hannun Mannir a kan cewa batirin na aiki. Saudatu ta ninke farar rigar ta sa a ƙasan akwati, ranar kasuwa kuma ta aike shi sayen daddawa, ya je.

Ba a ga ya yi wani ƙorafi ba. Ya rage fita dai, kuma an lura ya daina ɗaura agogon. Mannir ya gabatar da malamin gona a Tambuwal a taron da ya biyo baya. Waɗanda suka tsaya har ƙarshe sun ce gaisuwar ta yi kyau.

Bayan ruwan farko, Malam Almu yana gona yana shuka, sai ga babur ya tsaya a bakin burtali. Rufa'i ne. Bai shigo gonar ba, ya tsaya daga cikin layi.

"Malam, sannu da aiki."

"Ka zo ƙarin awo?"

"Ka ce ba ka ƙaunata a gaban mutum ɗari uku. Wannan ba mu yi da kai ba."

"Na ce zan faɗi tawa. Ita ce tawa."

"Kawu ya ji. Yanzu ko gaisuwar uwata ba ya amsawa."

"Ni anka karɓe mini makirufo. Kowa ya samu rabonai."

Rufa'i ya ce akwai taro a garin Kebbe ranar Laraba ta sama, a kan burtalin da ya nufi gulbi. Ofishinsu ne ya kira, ba ƙungiya ba, kuma mutanen can sun fi na Fakku zafi. Yana neman mai gabatarwa. Ya faɗi haka yana kallon gefe, kamar mai karanta sammaci.

"Makirufon wa?"

"Na ofis. Rana ɗaya ce, ba kujera ba ce."

Malam Almu ya jingina sungumi. "Labarin kawu ya tsufa, an ji shi har Kebbe. Sai an samo wani. Gobe zan zo ofis da tambayoyina, kuma kar ka fito mini da Oyo."

"To." Rufa'i ya tada babur, sannan ya kashe. Ya sauko, ya taka daga turken siminti zuwa wata aduwa a ɗaya gefen yana ƙirgawa a ransa, ya dawo ya sake. "Malam, turken nan ya yi tafiya. Kuyya biyu ya shigo burtali."

"Shanu ne. Suna sosa jiki da shi."

"Shanu sun tuge shi, sun haƙa sabon rami, sun taka ƙasa da kyau."

"Shanun Ardo Bube suna da tarbiyya."

"Ranar Alhamis zan zo in mayar da shi."

"Bayan Laraba ke nan."

"Bayan Laraba."

Malam Almu ya ɗauki sungumin ya ci gaba da sara, a cikin kuyya biyun. Da yamma Saudatu ta ji shi a bayan rumbu yana yi wa awaki magana ƙasa-ƙasa, yana tsayawa, yana sakewa daga farko. Ta fito da farar rigar ta jiƙa, amma ta gaya masa sabulun wankin ba ita za ta saya ba, ya nemo.